Darasi: Rama da Dogon Tari da Gumin Dare

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya bambanta tarin mura da tarin da ke buƙatar gwaji. Ana so ya san yadda ake auna rama, da yadda ake ba da kaki don gwajin tarin fuka, da yadda ake shan maganinsa har a gama. Ana kuma so ya san wasu cututtukan da kan zo da irin waɗannan alamomi.

Alamomi uku da ke tafiya tare

Tari ba baƙo ba ne a gidajenmu, musamman da hunturu. Mura takan zo da tari da atishawa da yoyon hanci, ta yi mako ɗaya ko kwana goma ta wuce. Tarin da ya kai mako biyu bai tafi ba ya fita daga sahun mura, kuma ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce a gwada kakin mai shi. Wannan tari yakan fara a bushe, daga baya ya riƙa fito da kaki mai kauri, wani lokaci da ɗigon jini a ciki. Kada a jira ganin jinin. Mutane da yawa masu tarin fuka ba sa taɓa tofar da jini, wanda kuma ya tofar, galibi ciwon ya riga ya daɗe a jikinsa.

Alama ta biyu ita ce rama ba tare da dalili ba. Wanda ya yi azumin watan Ramadan, ko ya sha aikin gona da damina, ko abinci ya yi ƙaranci a gidansa, ya san abin da ya ramar da shi. Ramar da muke magana a kai ita ce wadda take zuwa alhali mutum bai canza komai ba. Ido yakan yi jinkirin ganinta, domin babbar riga da hijabi suna ɓoye jiki, mutanen gida kuma kullum suna tare da shi. Tufafi sun fi saurin faɗa: wando ya fara zamewa sai an ƙara ɗaure mazagi, zobe ya riƙa juyawa a yatsa, ƙashin wuya ya fito. Sikeli ya fi kowa gaskiya. Likitoci suna ɗaukar rama da muhimmanci idan mutum ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a cikin wata shida zuwa shekara ba da niyya ba. Ga mai kilo 60, wannan kilo 3 ne. Ga mai kilo 80, kilo 4 ne.

Alama ta uku ita ce gumin dare. A watan Afrilu da Mayu kowa yana gumi, saboda haka sai a lura da kyau. Gumin ciwo shi ne wanda yake jiƙa riga da zanin gado sharkaf har sai an tashi an canza, kuma yana zuwa ko da sanyi ake yi. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a dubi abokan kwana. Idan mutum uku suka kwana a ɗaki guda, biyu suka tashi a bushe, ɗaya ya tashi a jiƙe, kuma hakan yana maimaituwa dare bayan dare, to ba zafin gari ba ne. Sau da yawa akwai ɗan zazzaɓi da ke tasowa da yamma, wanda ba ya kwantar da mutum, sai dai ya bar shi da kasala da rashin son abinci.

Kowace ɗaya daga cikin alamomin nan tana iya zuwa da dalilai masu yawa. Idan suka haɗu a jikin mutum guda, abu na farko da ake nema shi ne tarin fuka, wanda ake kuma kira tibi.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Ƙwayar cuta ce ke jawo tarin fuka. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ne ya bayyana gano ta ranar 24 ga Maris, 1882, shi ya sa ake tunawa da wannan ciwo a duk duniya ranar 24 ga Maris ta kowace shekara. Ƙwayar tana bin iska. Idan mai ciwon a huhu ya yi tari ko atishawa, sai ta fito cikin feshi ƙanana da ido ba ya gani, ta daɗe tana yawo a ɗakin da iska ba ta ratsawa, wani ya shaƙa. Ba a ɗaukarta ta musabaha, ko ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta tufafi. Ba gadonta ake yi ba, kuma ba sammu ba ce. Abin da ya sa ake ganinta tana bin 'yan gida ɗaya shi ne iska ɗaya suke shaƙa.

Ba duk wanda ya shaƙi ƙwayar ne yake kwantawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa ɗaukarta, amma garkuwar jiki takan killace ta, ta zauna shiru. Mai ita a wannan hali ba ya ciwo, ba ya kuma harbin kowa. Kimanin 5 zuwa 10 cikin 100 ne ƙwayar kan farka a jikinsu a tsawon rayuwa, galibi idan garkuwar ta yi rauni saboda yunwa, ko ƙanjamau, ko ciwon suga, ko shan taba da giya, ko tsufa. Duk da haka adadin yana da yawa. A shekarar 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da ciwon a duniya, kimanin miliyan 1.25 suka rasu, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da ya fi yawa a cikinsu.

Idan ƙwayar ta farka, takan fara cin naman huhu a hankali, har ta yi kogo a ciki. Abin da ya ruɓe shi ne yake fitowa a kaki, idan kuma ɓarnar ta taɓa jijiyar jini sai a ga jini. Jiki yana yaƙi da ita dare da rana, kuma sinadaran da yake fitarwa don wannan yaƙi su ne suke ɗaga zafin jiki, su kashe sha'awar abinci. Idan zafin ya sauka cikin dare sai gumi ya karyo. Jikin yana ƙona abinci fiye da kullum, ga shi abin da ke shiga ciki ya ragu, sai ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Saboda haka ne mai wannan rama ba ya murmurewa da madara da ƙwai da maganin ƙarin jini kawai. Kamar tulu ne mai yoyo, sai an toshe ɓular kafin ruwa ya zauna.

Misali: tela mai shekara 34

Mu ɗauki misalin wani tela mai shekara 34, da ke aiki a shago mai ƙofa ɗaya tare da yara uku masu koyon ɗinki. A gida yana da mata da 'ya'ya biyu, ƙaramar tana da shekara uku. Tari ya kama shi a watan Disamba, ya ce ƙurar hunturu ce. Bayan mako biyu ya je kemis aka ba shi maganin tari na ruwa da kafso na kwana biyar. Bai ji sauƙi ba, ya koma aka ba shi sifro. Wannan karon tarin ya lafa na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Da matarsa ta yi maganar ramarsa, wani abokinsa ya kawo masa ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Fuskarsa ta ɗan ciko, amma gumin dare ya ƙaru.

A nan an yi kuskure biyu masu haɗari. Sifro da 'yan uwansa suna taɓa ƙwayar tarin fuka kaɗan, su sa mutum ya ji kamar ya warke, alhali sun ɓoye ciwon ne, kuma suna iya koya wa ƙwayar jure magani. Ƙwayoyin ƙiba kuwa, da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke danne garkuwar jiki, wato suna buɗe wa ciwon hanya. Kumburin da suke kawowa a fuska ba lafiya ba ce.

A ƙarshen Fabrairu, bayan mako goma yana tari, ya je asibitin gwamnati na kusa da su. Aka ɗora shi a sikeli, ya tashi kilo 55. Tsohon katinsa na wata takwas baya ya nuna kilo 62. Ya rasa kilo 7 ke nan, wato sama da kashi 11 cikin 100, fiye da ninki biyu na iyakar da muka ambata. Ma'aikaciyar lafiya ta tambaye shi:

"Malam, da dare kana tashi a jiƙe?"

"Sosai kuwa, ranki ya daɗe. Har riga nake canzawa, ga shi ana sanyi."

"Akwai wanda ka zauna da shi da ya daɗe yana tari?"

"Yayana, Allah Ya jiƙansa. Ni na yi jinyarsa bara, ɗaki ɗaya muke kwana."

"Allah Ya gafarta masa. To, Malam, kakinka za mu gwada yau, ba kuma za ka biya ko sisi ba."

Yadda ake ba da kaki

Gwaji yana kyau ne idan abin da aka kawo ya yi kyau. Ma'aikaciyar ta ba shi ƙaramin mazubi mai murfi, ta ce ya fita waje inda iska ke kaɗawa, nesa da mutane, ban da banɗaki ko wani wuri rufaffe. Ya kurkure bakinsa da ruwa. Ya ja numfashi mai zurfi ya riƙe na ɗan lokaci ya saki, har sau uku, sannan ya yi tari da ƙarfi daga can cikin ƙirji ya tofa a mazubin. Abin da ake so shi ne kaki mai kauri da yauƙi, kimanin cikin ƙaramin cokalin shayi. Yawu tsinkakke daga baki ba ya amfani, kuma yana iya sa a ce babu ciwo alhali akwai. Ya rufe murfin da kyau, ya wanke hannunsa, ya miƙa. Wanda kakinsa ya ƙi fitowa da rana, akan ba shi mazubin ya kawo na asuba, kafin ya ci komai.

An sa kakin a na'urar da ake kira GeneXpert. Cikin kamar awa biyu takan ba da amsar tambaya biyu: ko akwai ƙwayar tarin fuka, da kuma ko ƙwayar tana jin rifamfisin, wanda yake jigo a cikin magungunan ciwon. Inda babu na'urar, akan aika da kakin wani asibiti, sai sakamakon ya ɗauki 'yan kwanaki. Hoton ƙirji yana taimakawa wajen nuna ɓarnar da aka yi wa huhu, amma shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa tarin fuka ne. Ana kuma yi wa duk wanda ake zargi da ciwon gwajin ƙanjamau. Wannan ƙa'ida ce ga kowa, ba zargin halin mutum ba ne, domin sanin amsar yana canza yadda za a kula da shi.

Sakamakon telan ya nuna akwai ƙwayar, kuma tana jin magani. Ba shi da ƙanjamau, sugansa daidai yake.

Magani na wata shida

A Najeriya gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da ke ƙarƙashin shirin gwamnati, waɗanda akan ga an rubuta DOTS a allonsu. Akwai kuma lambar waya ta kyauta, 3340, da ake kira don neman bayani. Maganin kashi biyu ne. A wata biyu na farko ana shan magunguna huɗu da aka haɗa a ƙwaya ɗaya: rifamfisin, aisoniyazid, firazinamaid da itambutol. A wata huɗu na baya ana shan biyun farko kawai. Yawan ƙwayoyin da mutum zai haɗiya kullum ya danganta da nauyinsa, shi ya sa ake auna shi duk zuwa, kuma shi ya sa ba a ba wani maganin wani. An fi so a sha da safe kafin a ci abinci, a gaban wani amintacce da zai riƙa sa alama a kati. Telan ya zaɓi matarsa.

A ranar farko fitsarinsa ya koma ja-ja kamar ruwan lemo. An riga an faɗa masa cewa aikin rifamfisin ne, ba jini ba ne, saboda haka bai tsorata ba. Amma an ja masa kunne a kan abubuwan da ba a jira da su: idan ido ya yi rawaya irin na ciwon shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, ko ƙuraje suka feso a jiki, sai a dakata da shan maganin a koma asibiti a ranar. Idan tafin ƙafa yana zafi ko yana yi kamar ana soka allura, a faɗa, akwai bitamin da ake bayarwa. Macen da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa ko take da ashanar hannu ta sanar da ma'aikaciya, domin rifamfisin yana rage ƙarfinsu. Mai juna biyu da mai shayarwa suna shan maganin, ba a hana su.

Bayan mako uku zazzaɓin telan ya tafi, gumin ya tsaya, ya fara neman ƙarin tuwo. A ƙarshen wata na biyu ya kai kilo 58, aka sake duba kakinsa ba a ga ƙwayar ba. Wannan ne lokacin da ya fi haɗari, domin a nan ne mutane da yawa suke cewa sun warke su ajiye magani. Ƙwayoyin cutar masu saurin hayayyafa ne suka mutu. Akwai waɗanda suka lafe a cikin huhu, kuma wata huɗun da suka rage domin su ne. Wanda ya tsaya a rabi, ciwon yakan dawo masa, wani lokaci da ƙwayar da ba ta jin maganin farko. Irin wannan ma ana warkar da shi, amma da wasu magungunan dabam masu wahalar sha, na wata shida ko tara, wani lokaci har shekara ɗaya da rabi ko fiye. Telan ya ci gaba. Aka duba kakinsa a wata na biyar da na shida, duka babu komai, nauyinsa ya koma kilo 61, aka rubuta a katinsa cewa ya warke.

Mutanen gida da na shago

Jinyar ba ta tsaya a kansa shi kaɗai ba. An kira matarsa da 'ya'yansa da yaran shago aka tambaye su alamomi. Ɗaya daga cikin yaran shagon yana tari, aka gwada shi aka sami ciwon tun bai yi nisa ba. 'Yar shekara ukun ba ta da alama, sai aka ba ta maganin kariya na 'yan watanni, domin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu ƙanjamau su ne ƙwayar ta fi saurin kayarwa. A jikin yaro ciwon ba lallai ya zo da tari mai ƙarfi ba. Yakan nuna kansa ta hanyar rashin ƙaruwar nauyi, da zazzaɓi mai daɗewa, da daina wasa. Allurar BCG da ake yi wa jariri a kafaɗa tana kare shi daga munanan nau'o'in ciwon, kamar wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa, amma ba ta hana babba kamuwa.

A makonnin farko an ce ya riƙa rufe baki da hanci da hankici ko takunkumi in zai yi tari, a buɗe tagogi, a bar rana ta shiga ɗaki, ya kwana dabam da yara in da hali. Bayan kamar mako biyu na shan maganin da ya dace, haɗarin harbin wasu yakan ragu ƙwarai. Ba a ware masa kwano ba, ba a kuma guje shi ba. Tsangwama ita ce ke sa mutane su ɓoye tari, wanda ya ɓoye kuwa yana ci gaba da harbin na kusa da shi.

Idan gwaji ya ce babu

Sakamakon da ya ce babu ƙwayar ba ya nufin a koma gida a manta. Wataƙila yawu aka kai, ko ƙwayar ba ta da yawa a kakin, ko ciwon yana wani wuri ba huhu ba, kamar kaluluwar wuya, ko ƙashin baya, ko ciki. Muddin alamomin suna nan, a koma a sake gwaji, a ɗauki hoton ƙirji.

Akwai kuma wasu cututtuka da za a nema. Ƙanjamau yana kawo rama da gumin dare, sau da yawa tare da gudawa mai daɗewa da farin abu a harshe. Ciwon suga yana ramar da mutum yana ci, tare da ƙishirwa da yawan fitsari. Makiyaya da mahauta da masu shan nonon da ba a tafasa ba suna iya ɗaukar wata cuta daga dabbobi mai kawo zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da gumi, da ciwon gaɓoɓi. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke, wani lokaci wani irin funfuna yakan zauna a kogon da ya rage a huhunsa, ya dawo masa da tari da jini. Ga dattijon da ya daɗe yana shan taba, ana tunanin ciwon daji na huhu. Kowanne da gwajinsa da maganinsa, kuma babu wanda ake ganewa da ido a kan teburin kemis. Wanda yake tofar da jini da yawa, ko numfashi yake gagararsa, ko ya kasa tsayuwa, a kai shi asibiti nan take.

Tambayoyi

1. Tari na tsawon wane lokaci ne yake buƙatar gwajin kaki?
2. Wata mata tana da kilo 70, bayan wata shida ta koma kilo 65 ba tare da ta canza cimarta ba. Ramarta ta kai a bincika? Nuna lissafinka.
3. Ta yaya za a bambanta gumin zafin gari da gumin ciwo?
4. Faɗi kuskure biyu da telan ya yi kafin ya je asibiti, da illar kowanne.
5. Me ya sa ba a daina shan magani a wata na biyu ko da an ji sauƙi?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya je asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa da shi, ya tambaya ko ana karɓar kaki don gwajin tarin fuka a wurin, in ba a karɓa, ina ake turawa. Ya hau sikeli ya rubuta nauyinsa da kwanan wata a bayan littafinsa, ya zo da amsar a darasi na gaba.

Ya kai ɗalibi, idan akwai wanda ka sani a gidanku ko unguwarku da ya wuce mako biyu yana tari, yana rama, yana tashi a jiƙe da gumi, kada ka saya masa maganin tari. Ka raka shi a gwada kakinsa a wannan makon. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.